Yadda malamin ƙungiyar wasannin basira zai rubuta wa iyaye takardar gayyata ta yinin wasa a makaranta

Takardar da malami ya ba yaro ya kai gida a Legas ba a ofis ake karanta ta ba. Galibi sai bayan Isha'i take fitowa daga jaka, ta ɗan lanƙwashe, uba ya dawo daga kasuwa a gajiye, yaron ne ma zai karanta masa da ƙarfi yana tuntuɓe. Kafin a kai layi na uku uban ya riga ya jefo tambayoyinsa: kuɗi ne kuma? Laifi ka yi? Wane irin wasa ne, ba dai caca ba? Ƙarfe nawa za a tashi? Idan takardar ba ta amsa waɗannan da kanta ba, yaron ne zai amsa da abin da ya ga dama, ko kuma a ce masa "to, Allah ya kai mu", maganar ta mutu a nan.

Saboda haka aikin takardar biyu ne. Ta kwantar wa mai gida da uwar gida hankali a kan waɗancan tambayoyi, sannan ta dawo wa malami da adadin mutanen da za su zo. Duk abin da bai taimaka wa ɗayan biyun nan ba, a cire shi. Zan bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe: malami ne a wata makarantar kuɗi a Agege, yana riƙe da ƙungiyar wasannin basira mai yara 24, 'yan aji huɗu zuwa shida na firamare, yawancinsu 'ya'yan Hausawa 'yan kasuwa, da 'yan kaɗan na Yarbawa.

Kafin a ɗauki biro

Ba a rubuta takardar sai an gama yanke abubuwan da za ta faɗa, kuma na farkonsu amincewar shugaban makaranta ce. Ka same shi da rana, da ɗakin da kake so, da abin da za a kashe, da inda kuɗin zai fito. Ka nemi a buga takardar a kan takarda mai tambarin makaranta, shi ma ya sa hannu a ƙasan naka. Uban da zai bar matarsa da 'yarsa su fita ranar da ba ta karatu ba yana so ya ga makaranta ce ta kira, ba wani malami ne ya shirya abinsa shi kaɗai ba. Ka kuma gaya wa maigadi tun da wuri, don an sha tara mutane a bakin ƙofa, mai riƙe da makulli yana can wata unguwa.

Sai rana. A nan ne aka fi yin kuskure, domin malamai kan zaɓi ranar da ta yi musu daidai. Asabar babbar ranar ciniki ce ga mai shago a Agege ko mai sayar da tumatir da albasa a Mil 12, kuma da safenta yara da yawa suna Islamiyya. Juma'a da rana ba a ma maganarta. Lahadi bayan Azahar ta fi dacewa da irin waɗannan iyaye: kasuwa ta lafa, titi ya ɗan sarara, abokan aikinka da iyayen da suke zuwa coci sun dawo. Amma kada ka yanke kai kaɗai. Tambayi yaran a aji, wa ke zuwa Islamiyya Lahadi da yamma? Idan sun yi yawa, ka je da kanka wurin malamin Islamiyyar ka nemi alfarmar yini ɗaya. Zai fi ba ka haɗin kai idan daga bakinka ya ji, ba daga bakin yaran da suka yi fashi ba.

Wata ma yana da muhimmanci. Yuni da Yuli ruwan Legas ba ya shawara da kowa, lungu ya cika da ruwa, babu mai fitowa da goyo. Nuwamba ta fi sauƙi, ruwa ya ja baya, jarrabawar ƙarshen zango ba ta kankama ba. A duba kalandar Musulunci kada abin ya faɗa cikin azumi ko makon Sallah, lokacin da gidaje da yawa sun tafi Arewa. Malaminmu ya zaɓi Lahadi 16 ga Nuwamba.

Lokaci kuma salla ce take yanka shi. A Nuwamba La'asar a Legas tana shiga wajen ƙarfe huɗu saura, Magariba kuma wajen shida da rabi saura kaɗan. Don haka a buɗe ƙofa ƙarfe 2:00, a fara 2:30, a tsaya salla 4:00, a sallami kowa 5:15. Wanda zai hau danfo ko keke zuwa wata unguwa yana da fiye da awa guda ya isa gida kafin a kira Magariba. Lokacin tashi ya fi lokacin farawa tasiri wajen sa mutum ya ce zai zo, don haka dole ya fito ƙarara a takardar, kuma dole a cika shi.

Waɗanne wasanni, kuma kujera nawa

A wannan gaɓa zan ɗan daɗe, saboda ita ce take sa gida ya zo ko ya ƙi. Idan ka rubuta "wasanni iri-iri" ka bar wa uba ya cike gurbin da tunaninsa, shi kuwa abin da ya sani shi ne teburin diraf na bakin tasha da karta da ake ajiye kuɗi. Ka ambaci kowane wasa da sunansa, ka ce babu karta, babu sa kuɗi, babu cin wani abu a hannun wani.

Akwai kuma maganar dayis. Hadisi ya zo a Sahihu Muslim da hani ga wasan nardu, malamai da yawa kuma sun ɗora sauran wasannin da ake jefa dayis a kansa, shi ya sa wasu gidajen ba sa barin lido ko maciji da tsani su shigo. A kan ces ma, wato wasan allo mai sarki da dawaki da sojoji, malamai sun yi saɓani. Takardar gayyata ba wurin ba da fatawa ba ce, kai kuma ba a ɗauke ka aiki don ka yi jayayya da iyaye a kan wannan ba. Abin da ya rage maka shi ne ka faɗi gaskiyar abin da za a buga, ka ware lido a gefe guda, ka bar wa kowane gida wurin da zai nuna wasan da bai yarda ɗansa ya shiga ba. Idan ka lura yawancin iyayen yaranka suna ƙyamar dayis, cire lido gaba ɗaya, yinin ba zai rasa komai ba.

Ni a ganina dara ce ya kamata ta zama ginshiƙin yinin a makaranta irin wannan. Uban da ya taso a Sakkwato ko Katsina ko ƙasar Nijar ya san ta tun yana yaro, a nan shi ne gwani, ɗansa ne ɗalibi. Mutum ya fi son zuwa inda ba za a kunyata shi a gaban ɗansa ba, dattijon da bai taɓa ganin allon ces ba kuwa zai ji nauyin zama yaro ɗan shekara goma yana gyara masa hannu. Ga shi dara ba ta cin kuɗi. Gidajenta 30 ne, layi biyar a shida, kiret ɗin ƙwai na kwali kuma gurbi 30 gare shi a daidai wannan tsari. Ka karɓo kiret shida wurin mai shayi, ka sa yara su tara marafan kwalba kala biyu, goma sha biyu na kowane ɓangare, ko tsakuwa da ƙwallon dabino. Ka rubuta dokar da za a bi a kwali ka manna a bango, domin kowane gari da ɗan bambancinsa, kuma gardamar doka tsakanin manya biyu tana iya cinye zagaye guda. Wadda aka fi sani ita ce: a yi ta dasa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya ba tare da jera uku ba, in an gama dasawa a riƙa matsawa gida ɗaya gaba, baya ko gefe, ban da karkace, wanda ya jera uku ya cire ɗa ɗaya na abokin wasa, jera huɗu ba ci ba ne.

Ayo na Yarbawa, mai ramuka 12 da ƙwaya 48, huɗu a kowane rami, shi zai yi wa iyaye Yarbawa abin da dara ta yi wa namu, kuma yaran da aka haifa a Legas da yawa sun iya shi. Sikirabul, wasan haɗa kalmomi, allo ɗaya ya isa, don yana buƙatar Turanci kuma yana cin lokaci.

Yanzu lissafi. Malaminmu yana da dara shida, mutum 12 ke nan. Ayo uku, mutum 6. Diraf biyu, mutum 4. Ces biyu, mutum 4. Sikirabul ɗaya, mutum 4. Lido uku, mutum 12. Jimla kujera 42 a kan allo 17. Idan ya rubuta "a zo da dukan iyali", gida ɗaya a Agege yana iya kawo masa mutum tara, yara 24 su zama taron suna. Shi ya sa takardar za ta ce kowane yaro ya zo da mutum biyu kawai. Ko kowa ya amsa, mutum 72 ne iyaka, kuma da wuya kowa ya amsa.

Takardar kanta

Shafi ɗaya, rubutu manya, Hausa a gaba, Turanci a baya. Kada a fassara ta Turancin kalma da kalma, a rubuta ta Hausar daban yadda ake magana da manya. Ga yadda ta malaminmu ta kasance:

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga iyaye da masu riƙon yaran ƙungiyar wasannin basira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali.

Muna gayyatar ku yinin wasa tare da 'ya'yanku a makaranta ranar Lahadi, 16 ga Nuwamba, daga ƙarfe 2:00 na rana zuwa 5:15 na yamma, a babban ɗakin taro. Ba taron kuɗin makaranta ba ne, kuma ba ƙarar wani yaro za mu kawo ba. Shiga kyauta ne, ba za a karɓi ko kwabo ba.

Tun farkon zangon nan yaranku suke koyon waɗannan wasanni duk ranar Laraba bayan tashi, suna so su gwada hannu da ku. Za a buga dara, ayo, diraf, ces, sikirabul da lido. Babu karta, babu sa kuɗi. Wanda bai iya ba yaro zai nuna masa, wanda kuma kallo kawai yake so akwai kujerarsa. Muna roƙon iyayen da suka iya dara su zo su koya mana.

Kowane yaro zai iya zuwa da mutum biyu: uba, uwa, kaka, kawu, gwaggo, yaya, duk wanda ya samu dama. Yaron da babu mai rako shi ma ya zo, malamai za su zauna da shi. An ware wa iyaye mata ɓangarensu, da tabarma ga masu goyo. Za a tsaya sallar La'asar ƙarfe 4:00, akwai ruwan alwala. Makaranta za ta ba da ruwan sha da zoɓo da cincin.

Don Allah a cike guntun da ke ƙasa, a yage, a ba yaro ya dawo da shi kafin ranar Laraba, 12 ga Nuwamba, ko da ba za a samu zuwa ba. Mai tambaya zai same ni a ofishin makaranta daga ƙarfe 2:00 zuwa 3:00 kowace ranar karatu, ko ta lambar makaranta da ke saman takardar nan.

Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka. Mun gode.

Malamin ƙungiya (suna da sa hannu)
Shugaban makaranta (suna da sa hannu)

A ƙasa, bayan layin yagewa:

Sunan yaro da ajinsa: ……
Za mu zo / Ba za mu samu zuwa ba
Manya nawa: …… Yara nawa, ban da ɗan ƙungiya: ……
Wasan da ba mu so ɗanmu ya shiga: ……
Mun yarda a ɗauki hotonmu / Ba mu yarda ba
Wanda zai mai da yaro gida: ……
Sa hannu ko dangwale: ……

Dalilin kowane layi

Gaisuwar gajera ce da gangan. Wasiƙar Hausa ba ta fara magana ba sallama, amma idan ka cika rabin shafi da gaisuwa, mai sauraro ya gaji kafin a zo kan rana. Sakin layi na biyu shi ne takardar. Ko a nan aka tsaya da karatu, gidan ya san rana, lokaci, wuri, ya san ba bashi ake bin sa ba. An haɗa sunan rana da kwanan wata domin mutane sun fi riƙe "Lahadi" fiye da lamba, amma ka buɗe kalanda ka tabbata sun dace. Takardar da ta ce Lahadi 15 alhali 15 Asabar ce za ta raba maka iyaye gida biyu.

"Iyaye da masu riƙon yara" ba ado ba ne. A unguwanninmu na Legas yaro yana iya zama wurin kawunsa ko yayarsa, iyayensa suna Arewa, wani kuma maraya ne. Idan ka rubuta "uba da uwa" kaɗai, ka gaya wa wannan yaro cewa gayyatar ba tasa ba ce. Haka layin da ya ce yaron da ba shi da mai rako ya zo. In babu shi, yaron da babansa direban tirela ne yana hanya zai ɓoye takardar a ƙasan jaka don kada ya zauna shi kaɗai a cikin 'yan'uwansa. Amma idan ka rubuta layin, ka cika shi: ka nemi malamai biyu ko uku da za su zama abokan wasan waɗannan yara tun daga farko, ba sai an ga yaro yana raɓe-raɓe ba.

Maganar ɓangaren mata ita ce take ba uwa abin da za ta nuna wa maigida idan tana neman izinin fita. A aikace ba bango za a gina ba, jere ɗaya ne na tebura a gefe da malama mace a kai, uwa ta buga da ɗanta ko 'yarta ko da wata uwar. Tabarmar masu goyo kuma a nesanta ta da tebura, saboda marfin kwalba da ƙwayar ayo da 'ya'yan lido duk abin da mai rarrafe zai jefa a baki ne.

Roƙon da aka yi wa masu iya dara shi ne layin da na fi so a duk takardar. Gayyata ta ce ka zo ka gani, roƙo kuwa ya ce ana buƙatarka, kuma dattijo ya fi amsa na biyun.

Abin da ba a sa ba shi ma da dalili. Babu dogon bayani a kan amfanin wasa ga ƙwaƙwalwa. Babu alkawarin kyauta ga wanda ya yi nasara, domin da an ambaci kyauta wasu za su ji ƙanshin caca, wasu kuma su zo da zafin gasa su sa yara kuka. Babu lambar wayarka ta kanka, sai dai in kana son kira ƙarfe sha ɗaya na dare. Idan wani uba ya tare ka a bakin ƙofa ya ce, "Malam, mu karatu muka kawo su, ba wasa ba," a nan ne za ka yi bayani baki da baki. Ka ce masa, "Gaskiya ne, Alhaji, shi ya sa sai an tashi muke yi, awa ɗaya a mako." In ya ba ka kunne, ka ƙara masa da cewa Wellington Jighere, ɗan Najeriya, ya ci gasar sikirabul ta duniya a Perth ta Ostireliya a 2015, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi hakan, kuma Tunde Onakoya, wanda ya yi awa 60 yana buga ces a New York a Afrilun 2024, a nan Legas yake koya wa yaran unguwannin talakawa. Sannan ka ce ya zo ya gani da idonsa, in bai gamsu ba ya cire ɗansa ba tare da ɓacin rai ba.

A kan kuɗi, kalmar "kyauta" alkawari ce. Kada a zo ranar a zagaya da faranti, ko a ce kowa ya kawo lemo. Idan makaranta ba za ta iya ɗaukar zoɓo da cincin ba, ka rubuta ruwan sha kaɗai. Idan kuma dole sai an karɓi wani abu, ka faɗi adadinsa da abin da za a saya da shi a cikin takardar. Iyaye suna yafe ƙaramin kuɗin da aka gaya musu, ba sa yafe wanda aka ɓoye.

Gwaji, rabawa da bibiya

Kafin ka kai fotokofi, kira yaro ɗaya ɗan aji huɗu, ba gwanin ajin ba, ya karanta maka da ƙarfi. Duk inda ya tsaya ko ya maimaita, jimlar ta yi tsawo ko kalmar ta yi nauyi, gyara ta. Sannan ka karɓe takardar ka tambaye shi: yaushe ne, ƙarfe nawa za a tashi, nawa za a biya, mutum nawa za ka kawo? In ya amsa huɗun daidai, takardar ta yi. Ka kuma duba cewa injin da aka buga ta ya fitar da ƙ da ɗ da ɓ, don wasu shagunan buga takardu suna mai da su akwatuna ko alamar tambaya. Ka karanta kwafin farko a shagon kafin a buga sauran. Yara 24 ne, buga 30.

Kwana goma kafin ranar ya yi daidai. In ka raba wata guda kafin lokaci za a manta, in kwana uku ne kuma an riga an ɗaura wata sabga. Ka rubuta sunan kowane yaro a saman tasa, ka miƙa masa hannu da hannu, ka yi alama a rajista. A daren ranar ka tura hoton takardar a zauren WhatsApp na iyaye, tare da saƙon murya da bai wuce minti ɗaya ba, da Hausa, kana faɗin rana da lokaci da cewa kyauta ne. Iyaye da yawa da ba sa karanta boko, ko suka fi sabawa da ajami, ta wannan muryar za su san zancen. Ka ce musu amsa ta guntun takarda ake so, domin "in sha Allah" ashirin a zaure ba adadi ba ne.

Ranar Litinin ka fara ƙirga guntayen. Idan zuwa ranar ba a dawo da ko kashi ɗaya cikin uku ba, akwai matsala, kuma yadda ta bayyana yana nuna inda take. Ka ce yara su buɗe jaka: in takardun suna ciki ba a ko warware su ba, saƙon bai isa ba, sai a sake turawa da murya. In sun isa gida amma shiru, yawanci ana zargin kuɗi ne ko ana jiran maigida ya dawo, sai ka kira gidajen ɗaya-ɗaya ta wayar makaranta. In kuwa guntaye suna dawowa da "ba za mu samu zuwa ba" da yawa, tambayi uku daga ciki dalili. Idan duka suka ambaci abu ɗaya, ɗaurin aure a unguwa ko taron wata ƙungiya, ranar ce ba ta yi ba, gara a ɗaga tun yanzu da sabuwar takarda. Idan layin wasan da ba a so ya cika da lido, ka san abin da za ka cire.

A misalinmu, zuwa Laraba gida 18 suka ce za su zo da mutum 25 a tsakaninsu, huɗu suka ce ba za su samu ba amma yaran za su zo, biyu ba su amsa ba. Malam ya yi lissafi da yara 24 duka, ya tara da 25, mutum 49. Kujerun wasa 42 ne, kuma hakan ya isa, saboda wasu kallo za su yi, wasu za su makara, a teburin ces da sikirabul kuma ana iya haɗa yaro da babansa su zama ɓangare ɗaya. Kujerun zama dai a tanadi 55. Fiya wata leda biyu ga kowa ya kama 98, jaka ɗaya tana da 20, jaka biyar ke nan, ya sayi shida. Gida uku ba su yarda da hoto ba, ya rubuta sunayensu ya ba malamin da zai ɗauka, aka kuma zaunar da su a teburan da ba za a nufa da waya ba.

Daga waɗannan guntaye ne jadawalin yinin yake fitowa. Zagaye uku na minti 25 kafin La'asar, 2:30 da 3:00 da 3:30, da minti biyar na canja tebur a tsakani, a buga ƙararrawa. Dara da ayo suna ƙarewa a cikin wannan lokaci. Lido na mutum huɗu sau da yawa ba ya ƙarewa, don haka a buga da 'ya'ya biyu maimakon huɗu. Ces da sikirabul a bar su su ci zagaye biyu. Bayan salla da zoɓo, zagaye ɗaya daga 4:30, kowa ya zaɓi abokin karawarsa, ƙarfe 5:00 a yi godiya da addu'a, 5:15 a fita. Kowane allo da yaron da ya san dokarsa, shi zai ƙirga 'ya'yan wasan kafin a fara da bayan an gama.

Ranar Juma'a 14 ga wata ka tura tunatarwa ta layi biyu, da murya da rubutu: jibi Lahadi, ƙarfe biyu, ta babbar ƙofa. A ciki ka faɗi abin da za a yi idan aka tashi da ruwan sama mai ƙarfi, wato za a sanar a zauren kafin ƙarfe 12:00 na rana ko ana nan ko an ɗaga, kuma in ba a ji komai ba, ana nan. Guntayen takardun kuma kada ka zubar da su bayan ƙirga. Ka jera su bisa aji, ka riƙe su a bakin ƙofa ranar Lahadi, domin layin "wanda zai mai da yaro gida" da shi za ka sallami yaran da suka zo su kaɗai.